Layi ya mutu da yammacin Juma'a: matsalar sabis ce ko an yi masa walkam bak?

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, ina so waɗanda suka san harkar su warware mana. Ana ta cewa idan ɓarayi suka yi wa layin mutum walkam bak, wato suka sa aka ɗora lambarsa a kan sabon sim, alamar farko ita ce sabis ya ɗauke masa. To mu nan ƙauye sabis ɗin dama ba zama yake ba. Hadari ya taso ya ɗauke, man janareton eriya ya ƙare ya ɗauke, wani lokacin sai ka hau tudu kafin ka samu sanda ɗaya. Ta yaya mutum zai bambance ɗaukewar yau da kullum da wadda kuɗinsa ke tafiya a cikinta? Idan kuma ya gane, me zai fara yi, tunda banki mafi kusa sai an shiga mota?

Ɗan Gujungu: Wa alaikumus salam. Malam maganin abin ɗaya ne, ka sa wa sim ɗinka lambar sirri. Da zarar ka kulle shi babu wanda ya isa ya taɓa maka layi, ko shi wane ne.

Tsohon Akawu: Ɗan Gujungu, ka faɗi rabin gaskiya, kuma rabin nan da ka bari shi ne tambayar Baban Walida. Sata iri biyu ce mutane ke haɗawa a suna ɗaya.

Ta farko ita ce a ɗauke sim ɗin kansa: a sace waya a cunkoson kasuwa, ko a zare sim a inda ka bar waya caji a mayar maka da wani matacce mai kalarsa. Wannan kam lambar sirrin sim tana maganinta, domin duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lambar kafin layi ya tashi.

Ta biyu ita ce wadda ake tambaya. Sim ɗinka yana cikin wayarka, wayar tana aljihunka, babu wanda ya taɓa ta. Wani ne ya je wurin da ake yin walkam bak ya ce shi ne kai, layinsa ya ɓata, aka ɗora lambarka a kan sabon sim aka miƙa masa. Kamfani ba ya barin lamba ɗaya ta zauna a sim biyu, don haka a daidai lokacin da nasa ya tashi naka ya mutu. Lambar sirrin da ka sa tana zaune ne a jikin tsohon sim ɗin da ya mutu. Sabon da ke hannunsa bai san da ita ba. Ka garƙame ƙofar ɗakin da aka riga aka kwashe kayan cikinsa ke nan.

Duk da haka a sa lambar, don satar farko ta fi yawa a kasuwanninmu kuma ta fi sauƙi.

Mai Gyaran Waya: Bari in amsa ɓangaren ganewa, tunda shi ne aikina. Gwajin ba ya cin minti biyar, kuma ba ya buƙatar data.

Ka fara da duba wayar wani da ke kusa da kai wanda kamfaninku ɗaya. Ba wanda ke wani kamfani ba, nan mutane ke yin kuskure. Idan shi ma ba shi da sabis, eriya ce, ka kwantar da hankalinka. Idan shi yana da sanda uku kai ba ka da ko ɗaya, kuna zaune a tabarma ɗaya, to matsalar taka ce kai kaɗai. Daga nan ka kashe wayar ka kunna. Idan bai dawo ba ka zare sim ɗin, ka goge bakin zinaren da gefen riga, ka sa shi a wayar ɗan'uwan nan mai sabis. Idan ya tashi a can, wayarka ce ta lalace, ka kawo mana. Idan a can ma bai tashi ba, saura abu biyu: ko sim ɗin ya ƙone, ko an kashe shi daga kamfani.

Rubutun da ke kan fuskar waya yana taimakawa wajen raba su. Idan ta ce Insert SIM ko No SIM, wayar ce ba ta ganin katin kwata-kwata, wannan ya fi kama da ƙonewa ko datti. Amma idan tana ganinsa, sunayen da ka adana a cikinsa ma suna nan, sai dai ta rubuta SIM registration failed, ko SIM not provisioned, ko ta tsaya a Emergency calls only alhali na kusa da kai yana kira, ma'anarsa katin lafiyarsa ƙalau, kamfani ne ya ƙi karɓarsa. Wannan ita ce mummunar alamar.

Gwaji na ƙarshe, ka kira lambarka da wayar wani. Idan ka ji tana ringin a kunnenka, taka kuma tana hannunka shiru, babu sauran tambaya, layinka yana wani wuri.

Baban Walida: Idan kuma aka ce a kashe take fa? Shi ke nan lafiya?

Mai Gyaran Waya: A'a Malam, wannan ba ya wanke komai. Mai satar ba ya son kira, saƙo yake jira. Zai iya kunna wayar minti goma ya karɓi abin da yake so ya kashe. Ringin hujja ce, amma rashinsa ba hujja ba ne. Idan gwajin farko da na biyu sun nuna kai kaɗai ne ba ka da sabis, kada ka jira na ukun.

Akwai kuma abin da ke zuwa kafin mutuwar layin a wasu lokutan. Baƙuwar lamba ta dame ka da kira da filashin babu ƙaƙƙautawa har ka gaji ka kashe wayar, ko wani ya kira da muryar ma'aikaci ya ce ana gyaran layi, ka kashe waya na awa biyu. Manufar ita ce kada ka ga lokacin da sabis ya tafi, kuma kada ka ga saƙon gargaɗi idan kamfani ya turo. Kamfanin waya ba ya roƙon kowa ya kashe waya don a yi gyara.

Maman Sadiƙ: Ni ma an taɓa yi mini, aka shiga Wasaf ɗina ana tambayar 'yan'uwa kuɗi da sunana. Ashe walkam bak aka yi mini?

Mai Gyaran Waya: Hajiya, a lokacin kina iya kira da karɓar kira?

Maman Sadiƙ: Ƙwarai kuwa, da layin ma na riƙa kiran mutane ina cewa kada su tura.

Mai Gyaran Waya: To ba a taɓa miki layi ba. Lambobi shida da aka turo miki ta saƙo wani ya karɓa a bakinki ya buɗe Wasaf ɗin a wayarsa. Maganin wannan yana cikin saitin manhajar, wurin da aka rubuta Two-step verification. Wata matsala ce daban, sai dai wanda ya ƙwace layi yana iya haɗawa da ita, tunda lambobin shidan wurinsa za su je.

Tsohon Akawu: Mu dawo kan kuɗin, don a ga dalilin da ya sa ake cewa a yi sauri. Mu ɗauki misali, ba wani takamaiman mutum ba. Mai kiwo ya kai sa kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya sayar, aka yi masa tiransifar naira 900,000 ya ga alat. Bayan la'asar ya kama hanyar gida, da magariba sabis ya ɗauke. Ya ce halin garinmu ne. Asabar ya lura maƙwabta suna kira shi ba ya yi, ya ce wayar ce, sai Litinin zai shiga gari a duba.

A can ɓangaren me ke faruwa? Banki bai san fuskarka ta waya ba, lamba ya sani. Duk wanda ya danna lambar banki daga layin da ke kan asusu, a wurin na'ura shi ne mai asusun, saura kawai lambar sirri. Kuma layin da kansa yana tona asiri: wanda ke riƙe da shi zai iya danna lambar nan da kowa ya sani ya ga BVN ɗinka a kan naira 20, ya danna ɗaya ya ga NIN. Alat na gaba da ya shigo zai gaya masa sunan bankinka da abin da ya rage a ciki.

Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 kan hada-hadar USSD, wato lambobin banki masu tauraro da ake dannawa a waya, ta sa iyakar naira 100,000 a rana ga kowane mutum, kuma duk abin da ya haura 20,000 sai an ƙara wata shaida bayan lambar sirri. Wannan iyaka ita ce ke rage ɓarnar, amma ku lissafa. Rana a wurin banki tana juyawa ne da sha biyun dare. Daren Juma'a 100,000, a gutsure ashirin-ashirin. Sha biyu na wucewa wata 100,000 ta Asabar. Ke nan kafin ya tashi sallar asuba 200,000 ta tafi. Lahadi wata, asubahin Litinin wata. Lokacin da yake tsaye a layin banki 400,000 babu. Wannan kuma idan hanyar USSD kaɗai suka samu. Idan suka yi nasarar buɗe manhajar bankin a wayarsu, tunda OTP, lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta saƙo, wurinsu yake zuwa, iyakar can ta fi haka nesa, ana iya share asusun a zama ɗaya. Wasu ma bayan sun share sai su ci bashin gaggawa da sunanka, ka dawo ka tarar ana binka.

Shi ya sa suke son yammacin Juma'a da jajibirin salla. Kwanakin da ƙofar banki ke rufe su ne ribarsu.

Ɗan Gujungu: Amma Yallaɓai ai ka ce saura lambar sirri. Ni ban taɓa buɗe USSD ɗin ba ma, da kati kawai nake cirewa wurin mai POS. Ke nan ni na tsira.

Tsohon Akawu: Kai ne ma ka fi ba ni tsoro, ƙanina. Wanda ya buɗe yana da lambar sirri da sai an karya ta. Wanda bai buɗe ba, gurbin yana nan fanko, wanda ya fara zuwa da layin shi zai zaɓi lambar da yake so. Abin da bankuna ke tambaya wajen buɗewa ko sauya lamba ya bambanta. Da yawa suna neman lambobin ƙarshe na katin cirar kuɗi, wasu har da lambar sirrin katin, wasu kuma bayanan da ke kan BVN. Duka abubuwa ne da ake iya tarawa tun kafin ranar. Wanda ya yi maka walkam bak bai fara da layin ba, da shi ya ƙare.

Mai POS na Bakin Tasha: Nan zan sa baki, don a gabanmu ake zubar da bayanan nan. Mutum ya zo ya miƙa kati, ya tsaya nesa yana faɗin lambar sirrinsa da ƙarfi a danna masa, mutum goma suna ji. Wani ya aiko yaro da kati da lambar a rubuce a takarda. Wani ya bar katin a shago ya ce zai dawo bayan azahar. Hoton gaba da bayan kati daƙiƙa biyu ne. Ba na cewa abokan sana'ata ɓarayi ne, amma shago ba mutum ɗaya ke zama ba, kuma a bayan mai cirewa akwai masu jira.

Ga kuma takardun tallafi. Duk lokacin da aka ce za a raba taki ko jari, sai ka ga wani da littafi yana bi gida-gida: suna, lambar waya, NIN, BVN, ranar haihuwa, lambar asusu, sunan banki, duk a layi ɗaya. Wanda ya samu shafi ɗaya na littafin nan ya samu rabin aikin mutum talatin. Don a turo maka kuɗi lambar asusu da sunan banki sun isa. Idan shirin na gaskiya ne kuma lallai yana neman sauran, a bayar a ofishin da aka sani, ba a gindin bishiya ga wanda ba a san wa ya aiko shi ba.

Baban Walida: Na gane yadda ake shiga. To an gane layi ya tafi, dare ne, ana ƙauye. Wa za a fara kira, kamfanin waya ko banki?

Tsohon Akawu: Banki. Mutane suna rugawa neman layi don shi suka ga ya ɓata, alhali layi ko bayan sati ka dawo da shi yana nan, kuɗi ne ba sa jira. Kuma rufe asusu ya fi sauri. Bankuna suna da lambar gaggawa da ake dannawa daga kowace waya, ba sai layin da ke kan asusun ba, an yi ta ne daidai don wanda wayarsa ta ɓata. Ga wasu:

```
Access      *901*911#
First Bank  *894*911#
Zenith      *966*911#
GTBank      *737*51*74#
```

Za ta tambaye ka lambar wayar da ke kan asusun ko lambar asusun, wani bankin har da lambar sirrinka, sannan ta hana fitar kuɗi. Shiga tana iya ci gaba, fita ce ke tsayawa. Kowa ya tambayi bankinsa tasa lambar tun yana lafiya, ya tambayi kuma me za ta nema, domin bankuna suna sauya tsari. Kada a gwada ta don wasa, idan ta rufe sai ka je reshe da katin shaida kafin a buɗe.

Abin da ke kayar da mutane a daren shi ne komai yana cikin wayar da ta mutu ko aka sace. Ba su haddace lambar asusu ba, ba su san lambar rufewa ba. A rubuta abu uku a takarda a ajiye a gida inda ake ajiye takardun gona: lambar asusu, lambar rufewa, da lambar kiran banki da ke bayan kati. Ban da lambar sirri, ita a kai take zama. Idan asusu uku gare ka a layin, ukun za ka rufe, har da na manhajojin da ake buɗewa a waya. Wayar da za ka ara kuma ta zama da ɗan kati a ciki, don ana cirar kuɗin USSD.

Bayan nan sai kamfanin waya. Daga wayar wani mai kamfani irin naka ka kira 300, ita ce lambar kula da masu hulɗa ta bai ɗaya ga duk kamfanoni yanzu. Ka ce an sauya maka sim ba da saninka ba, a dakatar da layin. Ka karɓi lambar ƙorafi ka rubuta, da lokacin da ka kira. Idan sun yi maka wasa da hankali, 622 ta hukumar sadarwa ta NCC ce kuma kyauta ce, amma za su tambaye ka lambar ƙorafin da kamfani ya ba ka, shi ya sa na ce a rubuta.

Mai Gyaran Waya: Ƙari kaɗan. Mai misalin nan na Wudil, da ya yi gwajin wayar maƙwabci bayan isha'i ya danna lambar rufewa, asararsa ba za ta wuce abin da aka ɗauka a awa biyun farko ba, mai yiwuwa ma ba a fara ba. Bambancin 400,000 da kusan babu, aron waya ne na minti uku.

Idan an dawo da layi kuma kada a tsaya nan. A danna wannan don goge duk wata karkatar da kira da aka saita a kan lambar:

```
##002#
```

Sannan a sauya lambar sirrin USSD, da ta manhaja, a kashe tsohon kati a karɓi sabo kafin a ce banki ya buɗe asusun. Wanda ya buɗe da tsofaffin lambobi ya mayar da akuya inda kura ta sani.

Maman Sadiƙ: Ni tambayata daban ce. Layin da ke kan asusuna da sunan maigida aka yi masa rajista, don lokacin ba ni da NIN. Akwai matsala?

Tsohon Akawu: Akwai, Hajiya, kuma ba ke kaɗai ba ce, gidaje da yawa haka suke. Tun da aka fara haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, a wurin kamfani mai layi shi ne wanda NIN ɗinsa ke kai, ko shekara goma wani ya yi yana amfani da shi. Ranar da layin nan ya samu matsala ke ba za ki iya dawo da shi ba, sai shi ya je da kansa an ɗauki hotonsa ko yatsansa. Idan yana ci-rani a Legas sai ki jira. Idan rai ya yi halinsa, sai an shiga neman takardu. Ta ɗaya gefen kuma, duk wanda sunansa ke kan layi zai iya zuwa ya yi walkam bak a kan ƙa'ida, babu wanda zai ce ya yi sata. Tsakaninki da maigida ba wannan ake tsoro ba, amma ku tuna da masu sayen sim mai rajista a kasuwa, da waɗanda yaron shago ko tsohon abokin ciniki ya yi musu rajista. Sun ɗora dukiyarsu a kan layin da wani ke da iko da shi.

Gyaran hanya biyu ne. Ko ku je ofishin kamfanin tare a mayar da layin kan NIN ɗinki, ko ki yi sabon layi da sunanki ki je banki ki cike takardar sauya lamba, a kan asusu da kuma kan BVN, domin wurare biyu ne daban kuma sauya ɗaya ba ya sauya ɗayan. Wanda yake shakkar matsayin layinsa ya danna `*996#` ya bi zaɓin dubawa, idan bai gamsu ba ya je ofis a duba masa sunan da ke kai.

Ɗan Gujungu: To in dai sai an ɗauki yatsa ko hoto, ta ina ɓarawo ke wucewa? Ai ba shi da yatsana.

Mai POS na Bakin Tasha: A ƙa'ida ba zai wuce ba. Ana neman NIN, a gwada fuska ko yatsa, a tambayi lambobin da ka fi kira da katin da ka sa na ƙarshe, idan babu jikin katin da sim ya zo a ciki a nemi takardar rantsuwa daga kotu. Wannan ya rage abin sosai idan aka kwatanta da da. Amma ƙa'ida mutum ne ke aiwatar da ita, kuma idan aka samu maci amana a cikin masu na'urar, tambayoyin nan duk shi ke cike amsarsu. Shi ya sa nake jan kunnen mutane kan masu yawo da lema ranar kasuwa suna raba sim kyauta. A ɗauke ka hoto, a ce bai yi ba, a sake, a ce sabis ne, a sake. Kai ka tafi da sim ɗaya, ba ka san sau nawa aka yi amfani da fuskarka ba. Idan za a yi rajista a je shagon da ke da mazauni, wanda gobe za ka iya komawa ka same shi.

Jikin katin da sim ke zuwa a ciki kuma a daina yar da shi. PUK, lambar buɗe sim idan ya kulle, tana jiki, kuma shi ne shaidarka mafi sauƙi ranar da za ka karɓo layinka.

Mai Gyaran Waya: Tunda an ambaci PUK, bari in cika maganar Ɗan Gujungu ta farko don kada wani ya kashe sim ɗinsa da hannunsa. Ana kunna kullen a saitin waya, wurin SIM lock ko PIN code request, ƙananan wayoyi masu madanni ma suna da shi. Za ta nemi lambar da sim ya zo da ita daga kamfani. Kada a yi ta canka. Kuskure uku sim ya kulle sai da PUK mai lamba takwas, kuskure goma a PUK kuma ya mutu har abada. Idan ka gwada sau ɗaya ba ta yi ba, tsaya ka kira 300 ka tambaya. Bayan ta kunnu sai ka sauya zuwa taka:

```
**04*tsohuwa*sabuwa*sabuwa#
```

Kada ta zama shekarar haihuwa, kada kuma ta zama iri ɗaya da ta kati. A wurin caji kuwa, wanda ke da kuɗi a layinsa ya zare sim ya tafi da shi, ko ya ba da batir kaɗai idan wayar mai cirewa ce.

Tsohon Akawu: Ni shawarar da na fi ba ɗan kasuwa ita ce ya raba rumbu da aljihu. Asusu ɗaya na hada-hada, mai kati da USSD, wanda ake ba kowa lambarsa, kada abin da ke ciki ya wuce na cefane da cinikin kwana biyu. Ɗayan na ajiya, babu kati, babu manhaja, ka rubuta wa banki ka ce a kashe USSD a kansa, ƙa'idar 2018 ɗin nan ta ba ka damar fita. Wanda ya ƙwace layi zai ga alat ɗin kuɗin amma babu ƙofar da zai bi. Wahalarsa ita ce duk cirewa sai ka je reshe. Ga mai sayar da riɗi ko dabba sau uku a shekara, wannan wahalar kuɗin mota ce kawai.

A lura kuma da asusun manhajoji irin OPay da PalmPay, inda lambar asusu ita ce lambar wayarka ba tare da sifilin farko ba. Ba aibu ba ne, sauƙi ne aka yi, amma duk wanda ka ba lambar ya turo maka kuɗi ya san layin da ke riƙe da asusun. Irin wannan aljihu ne, ba rumbu ba.

Mai POS na Bakin Tasha: Ni kuma na fi ganin a yi layi na musamman don banki, wanda ba a kira da shi, ba a ba kowa. Ba a yi wa lambar da ba a sani ba walkam bak.

Mai Gyaran Waya: A nan ban bi ka ba, abokina. Layin da ke kwance a akwati idan ya mutu wa zai sani? Duk gwajin da na lissafa a sama ya dogara ne da cewa wayar tana hannunka ka ga sabis ya tafi. Ga kuma ƙa'idar NCC: layin da ya yi wata shida ba a yi komai da shi ba ana iya dakatar da shi, idan ya ƙara wasu shidan a sayar wa wani. Sabon mai shi ya fara karɓar alat ɗinka ba tare da ya saci komai ba.

Mai POS na Bakin Tasha: Ai ban ce a binne shi ba. A sa shi a gurbi na biyu na wayar, a sa masa katin naira ɗari duk wata a yi kira ɗaya.

Mai Gyaran Waya: Idan aka sace wayar kuma an tafi da biyun. Kuma lambar tana kan BVN da littafin masu tallafin da kai ka ambata, sirrin nata bai kai yadda kake zato ba.

Tsohon Akawu: Kowannenku yana da hujja. Ga mai karatu da ke duba wayarsa kullum, layi na musamman a gurbi na biyu tare da kullen sim yana da amfani. Ga dattijon da jikansa ke karanta masa saƙo, ina ganin ƙara masa layi ƙara masa abin mantawa ne.

Baban Walida: Saura tambaya ɗaya. Wanda aka riga aka kwashe wa, ana dawo masa da su?

Tsohon Akawu: Ya danganta da sauri, kuma ba zan yi maka alƙawari ba. Tiransifa tana isa nan take, su kuma ba sa barin kuɗi su kwana inda suka sauka, suna rarraba su ko su cire a POS. Idan ka kai rahoto da wuri, bankinka yana iya tuntuɓar bankin da kuɗin suka je a riƙe abin da ya rage. Don haka ranar da ka isa reshe ka nemi bayanin asusu na kwanakin, kowace fita tana da Session ID da sunan inda ta je. Ka rubuta ƙorafi a takarda, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka kai rahoto wurin 'yan sanda, ka kuma nemi kamfanin waya ya ba ka ranar da wurin da aka yi sauyin. Idan sati biyu suka wuce banki bai warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare masu hulɗa na Babban Banki.

Inda ake jan igiya shi ne laifin wa. Banki zai ce da lambar sirri daidai aka shiga, kamfanin waya zai ce shi layi ya sani ba kuɗi ba. Abin da ke ƙarfafa maka gwiwa a tsakaninsu shi ne lokaci a rubuce: ƙarfe nawa layi ya mutu, ƙarfe nawa ka sanar. Duk abin da ya fita bayan ka sanar da banki, maganarsa daban ce da wanda ya fita kafin nan.

Maman Sadiƙ: Yallaɓai, idan za mu je mayar da layin kan sunana, layin zai ɗauke na ɗan lokaci? Don in sani ko in fara zuwa banki.

Tsohon Akawu: Ku fara da ofishin kamfanin, Hajiya, ku je da safe a ranar aiki, ke da shi da takardun NIN ɗinku biyu da jikin katin sim idan yana nan. Tunda lambar ba ta sauya ba, babu abin da za ki gyara a banki. Ku tambaye su a wurin ko sai an ba da sabon sim, kuma kada ku baro ofishin sai an kira layin ya yi ringin a hannunki.